Yadda Ake Rubuta Koken Hanya ga Ƙaramar Hukuma

Da muka tattauna kan titin unguwarmu a Tudun Wadan Zariya, dattawa suka ce a fara tabbatar na ƙaramar hukuma ne. Idan na jiha ne, shugaban zai ce ba huruminsa ba.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. A buɗe da matsalar: sunan titin, daga ina zuwa ina. Hujja ce aka fi jaddadawa: hotunan ramuka masu kwanan wata, musamman bayan ruwan Agusta, da awon zurfinsu, da sa hannun mai unguwa. "Muna shan wahala" kawai ba ya motsa kowa.

Buƙatar ta zama guda: a yashe kwalbati kafin damina. A riƙe kwafi mai hatimin karɓa.