Me za mu kira "infarens" a takardar raba maki?

Malamar Tarihi: Malamai, ina tsara tambaya a kan zanen barkwancin David Low na 20 ga Satumba 1939, wanda Hitler da Stalin suka cire hula suna rusuna wa juna, ga gawa kwance tsakaninsu. Tambayar ita ce, "Wane saƙo mai zanen yake isarwa?" Maki 6. Na cije a takardar raba maki: me zan kira abin da Turawa ke ce wa infarens? Na rubuta "hasashe", amma bai kwanta mini ba.

Sabon Malami: Malama, ai "bayanin hoto" ya isa. Yaro ya faɗi su wane ne, da abin da suke yi.

Tsohon Mai Maki: A'a ƙanena, wannan matakin ƙasa ne, maki 1 ko 2. Kowa mai ido zai ce mutum biyu suna gaisawa. "Hasashe" kuma zai sa yara su ɗauka canki-canki ake so. Ni "ciro ma'ana" nake cewa, don ciro abu sai daga inda yake. Yaron da ya ce abotar nan ta fatar baki ce ya ciro ma'ana, ya hau 3 ko 4. Idan ya kafa hujja da zanen, cewa suna rusunawa amma kalaman da ke bakinsu zagi ne, ya kuma haɗa da yarjejeniyar Jamus da Tarayyar Sobiyet ta 23 ga Agusta da shigar sojojin Sobiyet Poland ran 17 ga Satumba, ya ci 5 ko 6.

Malamin Larabci: Mu da muka yi usulu muna da "istinbaɗi", kuma ta yi daidai.

Malamar Tarihi: Ta yi, Malam, amma sai na fassara wa rabin ajin. To ga matsalata: wata ɗaliba ta ce saƙon shi ne Poland ce ta sha wuya. Ba ya cikin amsoshin da na tanada.

Tsohon Mai Maki: Ki ba ta, gawar da ke wakiltar Poland tana goya mata baya. Sai dai reshe ta kama, ba babban saƙon ba, don haka 4 ne iyakarta. Ki rubuta a takardar cewa duk ma'anar da zanen ya goyi bayanta karɓaɓɓiya ce, naki amsoshin misali ne kawai. Kuma ki sa sunan mai zanen, jaridar Evening Standard ta Landan da kwanan wata a ƙarƙashi. In ba haka ba, gane gashin bakin Stalin kike aunawa.

Sabon Malami: To wanda ya zuba tarihin yarjejeniyar shafi guda bai taɓa zanen ba fa?

Tsohon Mai Maki: Maki 1.

Malamin Larabci: Wannan kam an matse shi. Ni 2 zan ba shi, ya yi karatu.

Malamar Tarihi: Na ɗauki "ciro ma'ana". Batun 1 ko 2 sai mun zauna da takardun yaran.