Littafin amfanin gona na ƙungiya: yaya kuke rubuta naku?

Sakatare daga Giwa: Assalamu alaikum. Mu 42 ne a ƙungiyarmu, masara muke nomawa. Shekara biyu ina rubuta suna da yawan buhu kawai. Da aka ce in kwatanta damunar 2023 da ta 2024 sai na rasa ta inda zan kama. Wani ɗan ƙungiya ya samu buhu 18, sannan 24, har muka yi masa barka, ashe aron wata gona ya ƙara. Waɗanda suka riga mu, yaya kuka tsara naku?

Tsohon malamin gona: Wa alaikumus salam. Ɗana, matsalar ita ce mutum kake rubutawa, alhali gona ya kamata ka rubuta. Ka ba kowace gona lambarta, G1, G2, har ƙarshe, kuma lambar ta zauna a kan ƙasar ko an ba da ita aro, ko jingina, ko an sayar. Idan an raba gado sai ta zama G14a da G14b. A shafin farko ka sa lamba, mai nomawa bana, da girmanta, kuma a auna da gaske, domin "eka biyu" na baki sau da yawa ba ya cika. Ɗauki mutumin naka. Mu ce da hekta ɗaya yake nomawa, buhu 18. Ya ƙara rabin hekta ya samu 24. Raba 24 da ɗaya da rabi, 16 ke nan. Ka ga amfanin kowace hekta ya ragu da buhu biyu, ku kuma kuna ta yi masa barka.

Maman Ummi: Mu a ƙungiyar mata ba mu wahalar da kanmu. Buhu dai kilo 100 ne, sai ka ninka.

Tsohon malamin gona: Hajiya, a masarar da ta bushe kin kusa gaskiya, amma buhu buhu ne a suna kawai. Wani ya yi masa toliya, wani ya ɗinke bai cika ba. Sai kuma laima. Masarar da aka casa da ɗanyantakarta, mai laima kashi 20 cikin 100, idan ta bushe zuwa kashi 14, kilo 100 zai dawo wajen 93. Shi ya sa nake son gurbin ranar awo, da gurbin da za a rubuta busasshe ne ko da saura. Ku ɗora ko buhu uku a sikeli daga kowace gona.

Na Kadawa: Mu shinkafa muke yi rani da damuna. Kuskuren da muka yi shi ne rubuta shekara tsurarta, sai na rani ya haɗe da na damuna. Yanzu R2024 da D2024 muke sawa, kuma rani da rani ake kwatantawa. Kowane ɗauko daga gona layinsa daban, don ba rana ɗaya ake kwashewa ba. Yaron da ke riƙe mana kwamfuta da wannan yake haɗa jimlar gona guda, A lambar gona, B lokaci, F kilo:

```
=SUMIFS(F:F,A:A,"G14",B:B,"D2024")
```

Sai dai littafin takarda yana nan, don wayar wani ta taɓa faɗawa kwata da lissafin wata guda.

Ɗan Auta: Don Allah idan an cika wannan littafin, a ina ake kai shi a karɓi bashin taki?

Sakatare daga Giwa: Ɗan'uwa, ba fom ɗin bashi ba ne, lissafinmu ne na cikin gida. Baba malam, to wanda aka ci fa? Wasu sai sun fitar da zakka, sun sallami masu sussuka da hatsi, sannan su faɗa mini saura.

Tsohon malamin gona: A ƙirga kafin a taɓa komai, zakka da ladan aiki su samu gurbinsu a gefe. In ba haka ba, wanda ya fitar da ɗaya cikin goma zai fito kamar gonarsa ta gaza.

Bamaraɗe: Ina karanta ku, amma mu nan gero ne, da dami muke lissafi, kuma yana shiga rumbu ba a sussuka ba. Mukan sussuke dami biyar mu ga tiya nawa ya ba da, don damin shekarar fari bai kai na shekarar ruwa ba. Abin da ya gagare mu shi ne gero da wake a gona ɗaya. Wa za a ba hektar?

Tsohon malamin gona: Ni kowanne nake rubuta wa layinsa da cikakken girman gonar, in sa alamar gauraye ne, kada a kwatanta shi da na zalla.

Na Kadawa: To ai idan aka zo haɗa hektocin ƙungiya, gonar ta fito sau biyu ke nan, Baba.

Sakatare daga Giwa: Wannan ni ma zai same ni, don wasunmu suna sa waken suya a tsakanin masara. Ranar Asabar dai zan fara da awon gonakin.