Kuɗina na raguwa a manhaja kuma ban ga sunana a bulokcen ba, a taimaka

Sabon shiga:
Salam 'yan uwa. Na sayi bitkoyin 0.05 a wata manhajar canji, jiya da dare lafiya lau, yau da safe darajarsa ta sauka da kusan kashi goma. Na leƙa bulokcen ɗin da ake faɗa ban ga sunana ko'ina ba. Wani ne ke taɓa min ko yaya? In cire ne ko in bari?

Maman Ihsan:
Wa alaikas salam. Kwantar da hankalinka, bulokcen ba a iya yi masa kutse, kuɗinka na nan daram a ciki.

Tsohon hannu:
Maman Ihsan rabi kika faɗa. Ɗan uwa fara duba abu ɗaya, har yanzu 0.05 BTC ne a rubuce? In eh to ba wanda ya taɓa komai, farashi ne ya sauka.

Maganar suna kuwa, bulokcen ɗin littafin cinikin bitkoyin ne, littafin kuma bai san sunan kowa ba sam, adireshi kawai ya sani, kuma abin da yake rubutawa shi ne an tura kaza zuwa adireshi kaza kuma ba a kashe shi ba tukuna. Wanda ke riƙe da mabuɗin sirrin adireshin shi ne mai kuɗi. A ce 0.05 ɗin na walat ɗinka, wato manhaja ko na'urar da ke riƙe mabuɗin a hannunka, a dunƙule ɗaya ka tura wa wani 0.02, walat zai sa hannu da mabuɗinka ya kashe dunƙulen gaba ɗaya, 0.02 ya tafi wa mutumin, 0.0299 ya dawo maka canji a wani adireshin naka, 0.0001 da ya rage ladan masu haƙa ne, wato masu haɗa ciniki cikin bulok su ƙara a littafin. Sai cinikin ya shiga bulok, wajen minti 10 ake fitar da ɗaya, kowane bulok kuma yana ɗauke da hatimin na bayansa, shi ya sa mai son goge tsohon ciniki sai ya sake aikin duk bulok ɗin da suka hau kai. Dalilin da ake cewa a jira tabbaci 6 kenan, wato bulok 6, kamar awa ɗaya.

To matsalar, kai naka a manhajar canji yake, mabuɗin na hannun kamfani, abin da kake gani a allo alƙawarinsu ne kawai a nasu littafin. Masu kuɗi a kamfanin canji na FTX ma haka suke ganin lambobinsu har Nuwamban 2022 da cirewa ta tsaya, alhali bulokcen ɗin bitkoyin lafiyarsa ƙalau.

Abban Yara:
Ni fa walat ɗin nan tsoro yake ba ni wlh, na taɓa rubuta kalmomi 12 ɗin da ake dawo da walat da su a takarda ta ɓace, waya ta lalace, shikenan ba wanda zan kira.

Maman Ihsan:
To malam in littafin bai canza ba me ke kayar da farashin cikin dare ɗaya haka?

Tsohon hannu:
Ai farashi ba ya cikin littafin Hajiya, a kasuwannin canji ake yinsa, kuma cinikin ƙarshe shi ne farashi. Misali masu saye sun jera, ana son 2 BTC a dala 60,000, 3 a 59,500, 5 a 58,000. Wani babba ya zo ya zubar da 10 lokaci guda, ya cinye layin duka, farashi ya koma 58,000, kuma duk mai bitkoyin a kasuwar zai ga nasa ya ragu ko da bai sayar da komai ba.

Inda abin ke zama gobara shi ne masu ciniki da bashi. Mutum ya ajiye dala 100 ya buɗe cinikin 1,000, ninki 10 kenan, farashi na sauka da kusan kashi 10 jarinsa ya ƙare, kasuwar ta sayar masa dole ba shawara. Wannan sayarwar ta ƙara tura farashi ƙasa ta taɓo na gaba, haka haka, ga shi kasuwar ba ta rufewa dare ko ƙarshen mako balle a sha iska. Sannan ba riba ko haya da bitkoyin ke kawowa da za a auna a ce ga darajarsa, adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba kuma ba a ƙara haƙo shi don masu so sun yi yawa, to duk motsi a farashi yake fita. Daga wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021 ya dawo wajen 16,000 bayan shekara ɗaya.

Sabon shiga:
Na duba, 0.05 ɗin na nan. Na gode yallaɓai. To in mayar walat?

Tsohon hannu:
Walat ba zai hana faɗuwar farashi ba fa, daga hannun kamfani kawai zai fid da kai. In za ka yi fara gwada kaɗan, ka kwafi TXID, wato lambar shaidar cinikin, ka duba a bulokcen ka ga ya isa, sannan sauran.

Abban Yara:
Ni dai a ganina sabon shiga ya fi saurin ɓatar da kalmominsa kafin kamfani ya rushe. Ka bari tukuna.