Shin da gaske QR ya fi warware AᵀA, ko dai tsoro ne kawai?

Nura: Ina da magana, kowa ya kawo hujjarsa. Shekara uku ina ɗora layi a kan bayanai da `AᵀA x = Aᵀb`, ban taɓa ganin amsar banza ba. QR kuma, wato raba A zuwa Q sau R, ya kusa ninka aikin. A ganina masu cewa a guji `AᵀA` gadon tsoro suka yi daga zamanin tsofaffin kwamfutoci.

Malama Bilkisu: Batun ninki gaskiyarka ce, Nura. Idan layuka m sun fi ginshiƙai n yawa sosai, taka hanyar da Cholesky tana cin kusan `mn²`, QR ta hanyar Householder kusan `2mn²`. Amma gwada wannan kafin mu ci gaba:

```python
import numpy as np
e = 1e-8
A = np.array([[1, 1], [e, 0], [0, e]])
b = np.array([2, e, e])
print(A.T @ A)
```

Amsar gaskiya ta x 1 da 1 ce, kana iya tabbatarwa da ka. A takarda, `AᵀA` na da `1 + e²` a kusurwa biyu, da 1 a sauran biyun. To `e²` shi ne `1e-16`, kuma `float64` ba ya iya riƙe 1 da wannan ɗan ƙari tare, sai ya mayar da shi 1 cak. Za ka ga ɗaya huɗu a allo. Ginshiƙan A biyu sun bambanta, amma da ka ninka su bambancin ya bi ruwa. `np.linalg.solve` zai ce maka `Singular matrix`. QR a kan A ɗin nan zai ba ka 1 da 1.

Sagir: Ni ina ganin laifin `inv` ne. Mutane su daina juya matiris, su yi `solve`, magana ta ƙare.

Malama Bilkisu: Barin `inv` shawara ce mai kyau, Sagir, sai dai ba ita ake yi ba. Duba, ko kusa da warwarewa ban je ba. Ɓarnar ta auku tun a `A.T @ A`. Wanda ya zo daga baya, `solve` ne ko Cholesky, matiris ɗin da ya riga ya lalace aka miƙa masa.

Nura: Malama, ai wannan misalin ƙera shi aka yi don ya karye. Wa ke da bayanai irin haka?

Malama Bilkisu: Ƙera shi aka yi, misalin Läuchli ne. Amma abin da yake nunawa doka ce: `cond(AᵀA) = cond(A)²`. Lambar `cond` tana gaya maka sau nawa ƙaramin kuskure zai iya kumbura kafin ya iso amsa. `float64` na riƙe lambobi kusan 16. Idan `cond(A)` ya kai `1e8`, kamar a misalin nan, QR zai iya asarar 8, ya bar maka 8. Kai da ka ninka, `1e16` ke gabanka, ba ka da ko ɗaya. Dalili kuwa Q juya bayanai kawai yake yi, ba ya miƙa su ba ya matse su, shi ya sa R ke fitowa da `cond` irin na A. Shekaru ukun da ka yi lafiya, ina kyautata zaton `cond` ɗinka bai wuce ɗari ko dubu ba. Dubu sau dubu miliyan ne: ka rasa lambobi 6, saura 10, wa zai lura?

Hauwa'u: Ni kam ya taɓa cin ni, kuma ba ƙerarren misali ba ne. Ma'auni 21 gare ni, ɗaya a kowace shekara daga 2000 zuwa 2020, na ɗora musu lanƙwasa mai ginshiƙai `1, t, t²`. Lissafin da na rubuta da hannuna da na `np.linalg.lstsq` suka ƙi haɗuwa a lambobin baya. Zanen kuwa iri ɗaya sak, layi kan layi, shi ya sa na kwana biyu ina neman kuskure inda babu. Da na buga `np.linalg.cond(A)` sai ga kusan `5e11`. Na cire 2010 daga kowace shekara, `t` ya koma daga -10 zuwa 10, `cond` ya faɗo kusan 74. Daga nan hanyoyin biyu suka daidaita.

Nura: Yauwa! Kin ga ke nan gyaran bayanai ne magani, ba QR ba.

Malama Bilkisu: A wurin Hauwa'u, ƙwarai. Har ma `5e11` ɗin akwai kurari a ciki: wani kaso nasa girman ginshiƙai ne kawai, ɗaya yana 1, wani yana miliyan huɗu. Idan aka daidaita girmansu sai ya sauko wajen `5e5`, kuma wannan ne Cholesky ke ji a jikinsa. Ninka shi da kansa ya haura `1e11`, shi ya sa ta tsira da 'yan lambobin gaba. Ku kuma riƙe abin da ta faɗa game da zane. Ragowa ƙarama tsakanin layi da bayanai ba shaida ba ce cewa x daidai yake. Idan ginshiƙai sun kusa zama abu guda, x mabambanta da yawa suna ba da kusan lanƙwasa ɗaya. Amma Nura, idan na'urori biyu ne ke auna kusan abu ɗaya, me za ka cire? Kusancin a cikin bayanan yake.

Dakta Isiyaku: Bari in ɗan taimaki Nura, don an yi masa taron dangi. Bilkisu, kin san ninkin nan bai bar QR ma ba. Kuskuren x yana tafiya ne kamar `u·(κ + κ²·‖r‖/(‖A‖‖x‖))`, inda κ ke nufin `cond(A)`, u ƙanƙantar kuskuren na'ura, r kuma ragowar da layin bai kama ba. Misalinki r sifili ne, shi ya sa QR ya haska. Bayanai masu hayaniya sosai, `κ²` na nan ko da wace hanya aka bi.

Malama Bilkisu: Haka ne, Dakta, ban musa ba. Sai dai can `κ²` halin tambayar ne, kuma ragowar tana rage masa ƙarfi. A `AᵀA` kuwa kai ka jawo shi da hannunka, kana biyansa cikakke ko da bayananka tsaf suke. Ga kuma wurin karyewa: Cholesky na iya tsayawa cak tun κ na wajen `1e8`, QR sai ya doshi `1e16`.

Sagir: To a `float32` fa? Da shi nake aiki.

Malama Bilkisu: Nan lambobi kusan 7 gare ka. κ na 'yan dubbai ya isa ya cinye su duka idan ka ninka. Ka lissafa da kanka.

Nura: Na karɓi rabin maganar. Amma layukana miliyoyi ne, ginshiƙai 20 kacal. `AᵀA` ɗina 20 sau 20 ne, ina tara shi kaɗan-kaɗan yayin da bayanai ke shigowa, ba sai na ɗora A gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar na'ura ba. Wannan sauƙin ba zan sake shi haka kawai ba.

Dakta Isiyaku: QR ma ana yin sa gunduwa-gunduwa: ka ɗora R na baya a kan sababbin layuka, ka sake yi, kana tafe da `Qᵀb`. Amma ni a matsayinka, in κ bai kai dubu ba kuma `float64` ne, ba zan taɓa komai ba.

Malama Bilkisu: Ni zan taɓa. Bayanan wata mai zuwa ba su yi maka alkawarin κ na yau ba, kuma `lm` na R da `\` na MATLAB ba don wasa suka zaɓi QR ba.

Nura: To zan sa layin da zai riƙa buga `cond` duk lokacin da aka tara. Malama, a kan `AᵀA` zan auna in ɗauki tushensa, ko hakan ma yaudara ce?

Malama Bilkisu: Yana aiki muddin adadin da ka samu bai doshi `1e16` ba. Da ya kusa can, abin da kake aunawa ya riga ya lalace, tushensa zai maƙale a wajen `1e8` ko da ainihin κ ya fi haka nesa. Turo mana abin da ya fito.