Na saka wa wayata iyaka, amma ni ce ke karya ta

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Idan na kwanta da dare sai in ce bari in ɗan leƙa labarai, kafin in ankara dare ya raba, daga bidiyon yaƙi in faɗa na hatsari. Ko na ajiye wayar gabana bai daina faɗuwa, barci kuma ya ƙaurace. Na saka wa Instagram da X minti 30 a Screen Time, amma da lokacin ya cika sai in danna Ignore Limit in ci gaba da abina. Me ya rage kuma?

Ɗan Auta: Anti, hasken allon ne. Ki kunna Night Shift ya koma ruwan ɗorawa, shi ke nan.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Auta, haske yana da nasa a jinkirta barci, amma ba shi ke sa faɗuwar gaba ba. Abin da ido ke gani ne. Bayan harin bam na gasar gudun Boston a 2013, masu bincike a Jami'ar California da ke Irvine sun gano cewa waɗanda suka riƙa kallon labarin awa 6 ko fiye a kullum, a makon da ya biyo baya, sun fi waɗanda abin ya rutsa da su ko da wani nasu nuna alamun firgici. Duk maimaicin bidiyo, jiki sabon tashin hankali yake ɗaukarsa.

Sannan shafin ba shi da ƙarshe. Jarida tana ƙarewa ki ninke ta, wannan kuwa tun 2006 da Aza Raskin ya ƙirƙiro salon da sabon abu ke ɓullowa ba tare da an danna shafi na gaba ba, aka cire wurin tsayawa. Shi da kansa daga baya ya nuna nadama.

Hajiya Babba: Nima jikokina haka suke, ba sa jin kira in suna riƙe da waya. Ni ƙwacewa nake yi.

Maman Ilham: Hajiya ai ba yara ba ne, ni ce da kaina. Wa zai ƙwace tawa?

Malam Bala: To ai maganar Hajiya ba ta faɗi ƙasa ba. Iyakar da mabuɗinta ke hannunki ba za ta riƙe ki da tsakar dare ba. A Screen Time ki saka lambar sirri mai lamba huɗu, amma wani a gida ya shigar da ita, kada ki gani. Sai ki koma App Limits ki kunna Block at End of Limit. Daga nan minti ɗaya kawai za ta ƙara miki, sauran sai da lambar. Masu Android, ku duba App timers a cikin Digital Wellbeing: manhajar za ta dushe har sha biyun dare. Ku lura da wannan, domin sha biyu na bugawa lissafin ke komawa sabo, daidai lokacin da mai wannan matsala ya fi rauni. Shi ya sa na fi ƙarfafa a bar caja a wani ɗakin, a nemi ƙaramin agogo don farkawa.

Anti Hajjo: Ni fa goge su duka na yi. Ba a jima ba na tsinci kaina ina buɗe su ta Chrome, har ma na fi daɗewa. Abin da ya yi min aiki shi ne ware lokaci: labarai sau biyu a rana, da hantsi da yamma, daga kafa ɗaya da na yarda da ita, kuma rubutacce ko rediyo, ban da bidiyo. Rahoton rediyo yana ƙarewa, mai gabatarwa ya yi sallama.

Ɗan Auta: Amma in wani abu ya faru fa, mutum bai sani ba?

Anti Hajjo: Babban labari shi ke nemo ka, Auta. Wani zai kira.

Maman Ilham: Minti 30 ɗin ma ya yi, ko in rage?

Malam Bala: Kar ki rage tukuna. A wani gwaji na Jami'ar Pennsylvania a 2018, ɗalibai sun tsaya kan minti 10 a rana ga kowanne cikin Facebook, Instagram da Snapchat na mako uku, kaɗaici da ƙuncin rai suka ragu. Fargaba kuwa ta sauka har ga rukunin da ba a taƙaita wa komai ba, da alama sa ido kan lissafin ma yana taimakawa. Ki gwada mako uku. In har faɗuwar gaban na bin ki da rana, ko tana hana ki aiki, wannan ya wuce saitin waya, ki ga likita.

Maman Ilham: Na gode Malam. Saura WhatsApp, da shi nake sana'a, kuma nan ake turo munanan bidiyon.

Anti Hajjo: Shiga Storage and data, ki kashe Media auto-download, bidiyo ba zai sauka ba sai kin taɓa shi. Amma batun ba wa wani lambar sirri ban yarda ba, Malam. Rigima za ta jawo da ƙarfe ɗayan dare.

Malam Bala: Ya danganta da wanda aka ba wa. Maman Ilham, wa kike tunani?