Inda aka tsaya a tattaunawa kan yadda za a ɓoye kalmar sirrin da kod ɗin rahoto ke amfani da ita

1. Baki ya zo ɗaya: kada a rubuta kalmar sirri cikin kod. Masu PostgreSQL su sa ta a `~/.pgpass`, sannan:

```
chmod 600 ~/.pgpass
```

In ba haka ba, `psql` zai yi watsi da fayil ɗin, gari ya waye babu rahoto.

2. Makullin API da ya shiga Git ya daina zama sirri, gogewa ba ta cire shi daga tarihi. A soke shi, a ciro sabo.

3. Asusun rahoto, `SELECT` kawai za a ba shi.

4. Nan aka rabu, kan inda za a ajiye kalmar sirri da makullin API. Wasu sun ce fayil ɗin `.env` ya wadatar in kwamfutar saba ɗaya ce, wasu sun dage sai Vault, manhajar ajiye sirrika. An kuma tunatar cewa `cron` ba ya karanta `.bashrc`, dole kod ɗin ya ɗauko `.env` da kansa.