Na ce wa uwar mijina "ke", yanzu gidan ya yi tsit. Ku taimaka min

Amaryar Agege:
Salam ƴan uwa. A Legas aka haife ni can na tashi, Hausa ta ta cikin gida ce kawai. Sati uku da kawo ni Kano, sashenmu yana cikin gidan iyayensa. Shekaranjiya na ji kamar an kira ni sai na leƙa na ce "Hajiya ke kika kira ni?" ba ta ce komai ba amma ƙanwarsa ta zaro ido. Jiya kuma na ce "Usman ya ce a ajiye masa abinci" a gabanta, sai ta tashi ta shige ɗaki. Akwai kuma wani yaro da kowa ke ce wa Abba, na ga Ibrahim a littafinsa na kira shi da shi, aka yi ta kallona. Shi maigidan dariya kawai yake wai zan koya. Don Allah me nake ɓatawa, kuma ya zan gyara?

Maman Ilham:
Ayya ƙanwata sannu. Abu ɗaya ne mai sauƙi, duk wanda ya girme ki ki ce masa "ku". Kun tashi lafiya, kun dawo, ku kuka kira ni. In kina ba da labarinsu ki ce "sun fita", "Hajiya sun ce". Shi ke nan kin huta. Ni haka na yi shekara goma sha ɗaya ba a taɓa jin kanmu ba.

Goggo Mai Kunun Gyaɗa:
Maman Ilham kin faɗi rabi. Ƴata zo nan ki ji, ni na aurar kuma na karɓi surukai, bari in warware miki ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ba "kika" ba ce ta ɓata maganar, "ke" ɗin nan ce da kika ajiye a gaba tsirara. Gidaje da yawa a nan suruka za ta ce "Hajiya kin tashi lafiya?" ba wanda zai ɗaga kai. Amma "ke" ita kaɗai, da ita ake kiran yarinya, ke zo nan, ke wa ya aike ki. To kunnen uwar mijinki abin da ya ɗauka ke nan ko da ke ba haka kike nufi ba. Da kin ce "na'am Hajiya, na ji kamar an kira ni" da babu abin da zai faru. Ki lura da wannan "an" ɗin domin ita ce mafakar suruka. An tashi lafiya? An dawo lafiya? A kawo abincin yanzu ko a bari sai an yi sallah? Kin gani ba ki ce ke ba, ba ki ce ku ba, ba ki nuna kowa da baki ba, kuma magana ta isa. Ni na fi son ta a kan "ku" ga sabuwar amarya, saboda wata uwar mijin in kika yi ta ku ku sai ta ga kamar kina nesa-nesa da ita, wata kuma in ba ki yi ba ta ce ba ki da tarbiyya, amma "an" ban taɓa ganin wadda ta ƙi ta ba.

Na biyu, ina da tambaya, mijin naki shi ne ɗan fari? In shi ne to ba fushi ne ya tashe ta ba, kunya ce. Uwa irin ta da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, wata ko amsa maganarsa ba ta yi a gaban mutane, sai ta ce "yaron nan" ko "wancan" ko wani laƙabin da aka sa masa. Ke kuma matarsa kin zo kin ɗauko sunan yanka kin ajiye mata a gaba, kin haɗa kunya biyu wuri ɗaya, tata da taki, don ita ma mace ba a saba jin ta ambaci sunan miji a gaban iyayensa ba. A ɗakinku ku kuka sani, ki kira shi duk abin da kuka ga dama. A tsakar gida ki saurari abin da ƙannensa suke ce masa, in Yaya suke cewa ki ce Yaya, in ba haka ba "shi" ma ta isa, "ya ce a ajiye masa abinci", kowa ya san wa kike nufi, ai ba ki da wani shi ɗin.

Yaron kuma ko ba a faɗa min ba na san sunan uban mijinki ne aka mayar masa. Duk inda kika ji ana ce wa yaro Abba, Baba, Babangida, ko yarinya Ummi, Mama, Hajiyayye, to akwai babba a bayan sunan nan da ake ɓoyewa. Kin tsaya a tsakar gidan surukinki kin ƙwala sunansa da ƙarfi, dole a kalle ki 😄 Ki tambayi ƙanwar nan a ɓoye sunan yankan uban da na uwar, ki riƙe su. Ko almajiri ne mai wannan suna ya shigo gidan sai ki ce "mai sunan Baba". In Ibrahim ne akwai Halilu, in Abubakar akwai Sadik, Umar Faruk, A'isha Humaira, duk hanyar kaucewa ce da mutane suka daɗe da shimfiɗawa.

Amaryar Agege:
Goggo wallahi shi ne na fari 😭 kuma yanzu na tuna ban taɓa jin ta kira sunansa ba, "Babban mutum" take cewa, ni na ɗauka tsokana ce.

Ummu Sultan:
Ni fa gaskiya ban ga laifinki ba, dangin miji ne kawai ba a iya musu. Ni ma haka suka sa ni gaba wai don ina ce wa mijina habibi. Zamani ya canza, kar ki bari su raina ki tun yanzu.

Maman Ilham:
Ummu Sultan ba wanda ya raina ta fa, ko magana ba a yi mata ba. Koyo ta zo yi.

Malam Na Aji Shida:
Allah ya ƙara wa Goggo lafiya, ta gama magana. Ɗan ƙari ne kawai a kan batun cewa "ku" ita ce girmamawa a ko'ina. Ku duba yadda ake gaida sarki: ranka ya daɗe, Allah ya taimake ka, Allah ya ja zamaninka. Duk "ka" ne, mutum ɗaya, kuma babu mai cewa an raina sarki. A addu'a ma Allah Ka gafarta mana muke cewa. Malami kuma Allah gafarta malam, nan ko "ka" ɗin ma babu, sarautarsa ce ta zauna a wurin. Ashe ke nan a Hausa nauyin ba a kan ka da ku yake ba shi kaɗai, ya fi zama a kan abin da ka kira mutum da shi, da wa ya fara gaisuwa, da ko ka durƙusa ko kana tsaye. Mutum zai iya cewa "ku" yana tsaye ƙerere hannu a ƙugu, rashin kunya ce tsantsa.

Shi ya sa nake ganin abin da ya rikita amarya Legas ce. A Yarbanci an yanke magana, babba "e" ne ƙarami "o" ne. In aka yi maka alheri za ka ce wa sa'anka "o she", babba kuwa dole "e she", in ka kuskure ko a kasuwa sai an gyara maka. Turanci kuma ya bi ta ɗaya gefen, kalma ɗaya ce "you" ga kowa, da sarki da jariri, duk da cewa asalinta ita ma ta jam'i ce da girmamawa, ta mutum ɗaya ce ta faɗi aka daina amfani da ita. To wanda ya tashi tsakanin waɗannan biyun, yana jin Hausa a bakin iyayensa kaɗai, waɗanda kullum kai da ke suke ce masa don shi ne yaro, a ina zai ji yadda ake yi wa suruki magana? Ba rashin tarbiyya ba ne, ba ta taɓa jin wannan ɓangaren harshen ana yinsa ba.

Wani abu kuma, ki kula da umarni. "Ungo" ba a faɗa wa babba, "ga shi" ake cewa a miƙa da hannu biyu ko da dama. "Zo ki ci abinci" ya zama "Hajiya an gama abinci". In saƙo ne, "wai ana sallama da Baba a waje". In an kira ki na'am, ba "iye?" ba.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan lakwal ta koya muna wannan da bulala a Faransanci, malamin aji sai "vu", abokinka "tu". Amma Malam ban yarda da kai duka ba, wajenmu tsoho in ka ce mishi "ka" a gaisuwa ana ganin wautarka, ina kwananku muke cewa ko shi ɗaya ne zaune. Ai sallama ma alaikum ce ko mutum guda ka tarar.

Malam Na Aji Shida:
Ban musa ba Ɗan Maraɗi, ana yi, a Kano ma ana yi. Sai dai ina kwananku ɗin nan wasu za su ce maka da iyalinsa ake haɗawa. Kuma "su Hajiya sun fita" in ka faɗa, wani zai tambaye ka ita da wa. Abin gari-gari ne, har gida-gida.

Ɗan Maraɗi:
To ni dai kakana shi kaɗai yake zaune a zaure kuma ku nike ce mishi.

Goggo Mai Kunun Gyaɗa:
Ku bar wannan gardamar ku maza, ba za ta ƙare ba. Ƴata saura abu ɗaya kar ki je ki wuce gona da iri, don na ga amaren da tsoro ya sa suke durƙusa wa kowa har ɗan shekara bakwai. Gidan miji ba duka surukai ba ne. Uwarsa, ubansa, ƙannen iyayensa da yayyensa, waɗannan kunya. Amma ƙannensa abokan wasanki ne, za su tsokane ki su ce miyarki ba gishiri, ki rama. In kika ce wa ƙanin miji "kun tashi lafiya" da ladabi sai ya ɗauka gaba kike da shi ko kina jin kanki. In akwai kakarsa a gidan ita ma haka, za ta ce ke kishiyarta ce kin ƙwace mata miji, kar ki sunkuyar da kai ki yi shiru, ki ce ai tsufa ya kore ta. Ranar da ta daina tsokanarki ranar za ki damu.

Batun ba da haƙuri kuma ni ban ga amfanin ki je ki tayar da maganar ba, za ki ƙara sa ta jin nauyi ne, don sai ta tuna sunan da kika faɗa. Gobe da asuba ki riga kowa shiga, ki durƙusa daga bakin ƙofa ki ce an tashi lafiya, ki ɗauki tsintsiya.

Maman Ilham:
Nan kam Goggo ni da ita ce sai na ce a yi haƙuri ban san al'adar ba, kalma biyu ce. Wata uwar mijin tana riƙe abu.

Amaryar Agege:
Na gode Allah ya saka. Na tambayi ƙanwar tasa, ashe sunan Hajiya Hauwa, kuma sunan ƙawata da za ta zo min ranar Asabar ke nan. Jidda zan ce mata ko Kulu? Don ita ba ta amsa ko ɗaya.